Ya Dawo da Digirin Likita daga Waje, Saura Lasisi

A watan Nuwamba na 2023, matasa 836 da suka karanto likitanci a ƙasashen waje suka hallara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin zana jarrabawar tantancewa. Da sakamako ya fito, 433 ba su haye ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Yulin shekarar, an yi irinta a Ibadan, inda mutum 734 suka zauna, 529 suka faɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da digirinsa, an yi masa walimar kammala karatu, kuma tun ranar da ya sauka daga jirgi 'yan unguwa ke ce masa Dakta. Amma a idon doka bai isa ya rubuta wa kowa magani ba tukuna.

Hukumar da ke da wuƙa da nama a wannan sha'ani ita ce Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MDCN, mai hedikwata a Abuja. Tun 1963 doka ta kafa ta, kuma ita kaɗai ke rubuta sunan mutum a rajistar likitocin ƙasar nan. Makarantun likitanci na gida ita ke zuwa ta duba su da idonta, ta ƙidaya malamai da gadajen asibiti, ta ƙayyade yawan ɗaliban da za su ɗauka. Shi ya sa wanda ya gama a Zariya ko Maiduguri ko Sakkwato ba ya sake zana wata jarrabawa kafin a rantsar da shi. Makarantar da ke Alƙahira ko Khartum ko wani birni a Sin kuwa ba ta ƙarƙashin ikonta, don haka sai ta gwada ɗalibin da kanta. Wannan ya shafi kowace makaranta da ke wajen iyakar Nijeriya, ko da a Nijar ce ko Gana.

Batun ya shafe mu ƙwarai a Arewa. Gwamnatocin Kano da Jigawa da Borno da Sakkwato da wasunsu sun kwashe shekaru suna tura yara karatun likita zuwa Sudan da Masar da Sin da Yukiren, musamman 'yan mata, saboda ƙarancin likitoci mata a asibitocinmu. Masu hali ma suna tura nasu da kuɗin aljihunsu. Yawancin iyaye kuwa sun ɗauka ranar da yaro ya karɓi digiri an gama. A gaskiya saura aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu na takardu da jarrabawa da horo, kuma wanda bai fara shiri tun yana can ba, yakan ƙara wa kansa wata shekarar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata yarinya ce daga Haɗeja, ta yi karatunta a wata jami'a a Masar, ta zana jarrabawar ƙarshe a watan Yuli. MDCN ta saba shirya jarrabawarta sau biyu a shekara, ɗaya wajen tsakiyar shekara, ɗaya wajen ƙarshenta, kuma ana rufe rajista makonni kafin ranar. Ke nan burin yarinyar nan shi ne ta riski ta ƙarshen shekara. Tana da wata uku ko huɗu a hannu, kuma takardu ne za su ci mafi yawansu.

Takardar farko ba ta ma shafi jami'a ba. Sakamakon sakandare ne, na WAEC ko NECO, mai ɗauke da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Akwai makarantun waje da ba su damu da wannan ba, da zarar an biya kuɗi sai su ɗauki ɗalibi. Sai yaro ya shafe shekara shida yana karatu, ya dawo a tambaye shi Fiziks ɗinsa, ya rasa ta cewa. Duk uban da ke shirin tura ɗansa, wannan ne abin da zai fara dubawa kafin ya sayar da gona. Na biyu, ya sa a buɗe masa shafin World Directory of Medical Schools a intanet, a nemo sunan makarantar a ciki. Idan babu ita, magana ta ƙare. Idan tana ciki ma, sai a ƙara da tambayar MDCN ko tana karɓar ɗaliban wannan makaranta, domin shiga kundin ba shi ne amincewa ba.

Daga jami'a kuwa abu biyu ake bukata: shahadar digiri ta ainihi, da cikakken bayanin sakamako na duk shekarun karatu, wato tiranskirif, wanda zai nuna darussan da aka yi da zagayen da aka yi a sassan asibiti. A nan yarinyarmu za ta fara cin karo da jinkiri, domin jami'o'i da yawa ba sa bayar da shahadar ainihi ranar da aka gama. Sukan ba da takardar wucin gadi, su ce a dawo bayan watanni. Idan ta tattara kayanta ta taho gida ba tare da ta bar amintaccen mutum da zai riƙa bibiya a ofishin rajistara ba, za ta ƙare da buga waya ba a ɗauka. Abin da masu wayo ke yi shi ne su zauna har takardun su fito, su kai su a buga musu hatimi a hukumomin ƙasar da kuma ofishin jakadancin Nijeriya da ke can, sannan su hau jirgi. Takardar da aka rubuta da Larabci ko Rashanci ko Faransanci kuma sai an fassara ta zuwa Turanci a wurin mai fassara da hukuma ta sani, ba wani ɗan'uwa da ya iya yaren ba.

Sai kuma matakin da ya fi cin lokaci, wanda iyaye da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, wato EPIC. Wani tsari ne na hukumar ECFMG da ke Amurka, wadda aikinta shi ne tabbatar da sahihancin takardun likitoci daga tushe. Yarinyar za ta buɗe asusu a shafinsu, ta tabbatar musu ita ce ita ta hanyar fasfonta, ta ɗora hoton shahadarta, ta biya kuɗi da dala. Su kuma sai su aika wa jami'arta kai tsaye su tambaya, shin ku kuka ba wance wannan takarda? Idan jami'a ta amsa, sai a tura wa MDCN rahoto. Abin lura shi ne ba ɗalibar ke riƙe da linzamin wannan mataki ba. Jami'ar da ke da ma'aikaci mai duba saƙonni kan amsa cikin 'yan makonni, wadda ba ta da shi kuwa sai a yi watanni shiru. Maganin abin shi ne ta san ofishin da ke amsa irin wannan saƙo da mutumin da ke zaune a ciki tun kafin ta baro makarantar, ta kuma fara EPIC a ranar da shahada ta shiga hannunta.

Akwai wata 'yar matsala da ta fi damun mu Hausawa, ita ce ta suna. A takardar WAEC an rubuta Aisha Mohammed Hadejia. A fasfo an rubuta Aishatu Muhammad. Magatakardan jami'a a Masar ya juya sunan zuwa Larabci, da aka zo rubuta shahadar Turanci ya sake juyo shi, ya fito Aicha Mohamed. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai tantance takarda mutum uku ne, kuma ba zai wuce da fayil ɗin ba sai an kawo hujja. Haka ranar haihuwa, inda takardar haihuwa ta ce Maris, fasfo ya ce Janairu. Ana iya gyarawa da takardar rantsuwa daga kotu, amma kowane gyara yana cin makonni. Mafi sauƙi shi ne ɗalibi ya je ofishin rajistara tun yana ajin ƙarshe, ya ga yadda aka rubuta sunansa, ya sa a daidaita shi da na fasfo harafi da harafi kafin a buga shahada.

Shi ma fasfon kada a yi wasa da shi. Karatun likita ya fi tsawon rayuwar fasfo mai shekara biyar, don haka yawancin ɗalibai sukan sabunta a tsakiyar karatu. Tsohon da ya ƙare aiki ba abin jefarwa ba ne, domin bizar da ke ciki da hatimin shiga da fita su ne shaidar cewa mutum ya zauna a ƙasar da ya ce ya yi karatu. Wannan shaida ta ƙara nauyi tun bayan annobar korona, lokacin da makarantu da dama suka koma koyarwa ta intanet. MDCN ta fito fili ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ta sanar cewa ba za ta karɓi shahadun da jami'o'in ƙasar suka bayar daga wannan shekara ba har sai karatu ya dawo yadda aka saba. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya jefa ɗaliban Arewa masu yawa cikin irin wannan hali, aka kwaso su a gaggauce, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Wanda ya fara a wata makaranta ya ƙarasa a wata, dole ya riƙe tiranskirif na kowacce, da takardar da ta nuna yadda aka yi canjin.

A gida kuma akwai wasiƙar tantance digiri daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, wadda za ta sake yin amfani lokacin bautar ƙasa. Saura ƙananan abubuwa ne: takardar haihuwa, hotunan fasfo, da cike fom a shafin MDCN tare da biyan kuɗi ta Remita. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, ko da ya rantse yana da hanya. Sharuɗɗan kuma sukan canza daga zango zuwa zango. A 2021, alal misali, an yi ta ce-ce-ku-ce har gaban Majalisar Tarayya kan horon wata shida a asibitin koyarwa da aka wajabta wa ɗalibai kafin jarrabawa, da kuɗinsa naira 900,000. Saboda haka sanarwar MDCN ta zangon da mutum zai zana ita ce abin bi, ba abin da wani da ya zana shekara uku da suka wuce ya faɗa ba.

To, a ce takardun yarinyarmu sun kammala, sunanta ya fito. Me za ta tarar?

Jarrabawar ba ta da mazauni ɗaya, yawo take tsakanin asibitocin koyarwa. An yi ta a Ilori, an yi a Ibadan, an yi a Kano. Kashi uku ce. Akwai tambayoyin zaɓi a kwamfuta, waɗanda suka haɗa ilimin tushe, kamar sassan jiki da aikinsu da magunguna, da kuma manyan fannonin asibiti. Akwai gwajin hotuna, inda za a nuna hoton ƙirji, ko jini a ƙarƙashin madubin likita, ko wani ƙarfen tiyata, ko yaro mai kumburin ƙafa da jan gashi, a ce mene ne wannan, me za a yi. Sai na uku, wanda ake kira OSCE, kuma a nan ne ake gane wanda ya taɓa majinyaci da wanda ya tsaya a bayan malami yana leƙe.

Yadda OSCE yake shi ne, ana jera tashoshi, kowacce da aikinta da 'yan mintocinta. Ana kaɗa ƙararrawa ka shiga, ana sake kaɗawa ka fita, ko ka gama ko ba ka gama ba. A wata tashar za a ce ga uwa ta kawo ɗanta mai shekara uku, kwana biyu yana zazzaɓi, yau da safe ya yi jijjiga, ɗauki tarihin ciwon. Mai jarrabawa yana gefe da takarda yana duba abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaishe da uwar? Ta faɗi sunanta ta nemi izini? Ta tambayi tsawon jijjigar, da ko yaron ya farfaɗo bayanta? Ta tambayi launin fitsari, da maganin da aka ba shi a gida, da allurar rigakafi, da ko akwai sikila a gidan? Sannan ya ɗago kai ya ce me kike zato, me za ki yi? Amsar da ake jira ita ce zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tare da tuna cewa sanƙarau ma na iya zuwa da wannan kama, a duba sukarin jini nan take, a fara allurar atesunet ta jijiya, a maimaita bayan awa 12 da awa 24. Ɗalibin aji biyar a Zariya ya ga irin wannan yaro sau ba adadi. Wanda ya yi karatu a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba wataƙila shafi biyu ya karanta a kai, kuma bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Haka abin yake a tashar mata masu ciki, inda za a ce ga mace cikinta wata takwas, jininta ya hau, tana jijjiga. Haka a tashar da za a ce duba cikin wannan mutum, a ga ko hannunka ya san inda saifa take. Waɗanda suka yi karatu a Sudan sukan sami sauƙi ta wannan fuska, domin cututtukan can sun yi kama da namu, kuma da Larabci suna iya magana da majinyata. Waɗanda suka fi shan wuya su ne na ƙasashen da ake koyarwa da Turanci a aji, amma majinyacin da ke kwance Sinanci ko Rashanci kawai yake ji. Ɗalibi sai ya gama shekarunsa na asibiti bai taɓa ɗaukar tarihin ciwo shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe ba.

Duk lokacin da sakamako ya fito ana jin ƙorafi, wasu na cewa da gangan ake kayar da yaran waje. A ganina akwai gyaran da ya kamata MDCN ta yi, musamman ta riƙa nuna wa wanda ya faɗi inda ya gaza dalla-dalla, ta kuma daina sauya sharuɗɗa a ƙurarren lokaci. Amma ban ga laifin jarrabawar kanta ba. Wanda ya haye, nan da 'yan watanni shi za a tasa da ƙarfe biyun dare a ɗakin yara, kuma ba wanda zai so ɗansa ne zai zama na farko da likitan ya taɓa gani yana jijjiga. Shi ya sa shawarar da ta fi kowacce amfani ita ce, ko an wajabta ko ba a wajabta ba, yarinyarmu ta nemi izini a rubuce ta riƙa bin likitoci zagaye a wani asibitin koyarwa ko babban asibitin jiha a watannin da take jiran takardu. Ta tsaya a matsayin mai koyo, ta saurara, ta gabatar da majinyaci a gaban manya su gyara mata. Wata uku na wannan ya fi tarin tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a waya. Sai dai ta kiyaye, ba ta da izinin rubuta magani ko yin aiki ita kaɗai. Masu zuwa su ɓuya a ƙananan asibitocin kuɗi suna duba marasa lafiya kafin rajista laifi suke aikatawa, kuma idan wani abu ya faru, shi ke nan sun rufe wa kansu ƙofa.

Idan ta faɗi, za ta sake biyan kuɗi ta jira zango na gaba, wato kusan wata shida. Idan ta haye, sai a kira ta bikin rantsarwa, a ba ta rajistar wucin gadi. Da wannan ne za ta shiga horon shekara ɗaya da likitoci ke kira hausmanshif, a asibitin da MDCN ta amince da shi, tana zagaya sassa huɗu, kusan wata uku-uku: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Ana biyan albashi a wannan shekara. Tun 2021 MDCN ce ke raba guraben asibitocin tarayya ta shafinta na intanet, kuma gurabe a manyan birane kan cike cikin ɗan lokaci. A nan akwai tarkon da mutane ke faɗawa. Rajistar wucin gadi shekara biyu ce rak, kuma dole a kammala horon a cikinta. Wanda ya zauna yana jiran sai gurbin Kano ko Abuja ya buɗe har shekara ta wuce, lissafi ya ƙwace masa, kuma hukuncin wanda wa'adinsa ya ƙare bai gama ba shi ne ya koma teburin jarrabawa. Idan gurbi ya samu a Nguru ko Birnin Kudu ko Gusau, a karɓa.

Bayan shugabannin sassan huɗu sun sa hannu cewa ta kammala, sai ta nemi cikakkiyar rajista da lasisin aiki, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Daga nan sai bautar ƙasa, in dai ba ta haura shekara 30 ba lokacin da ta gama digiri. Idan muka haɗa lissafin yarinyar Haɗeja, ta gama a Yuli, ta zana a Nuwamba, an rantsar da ita ta kuma sami gurbi a farkon sabuwar shekara, ta kammala horo a farkon shekarar da ke biye. Wajen wata 20 ke nan, idan komai ya tafi daidai. Shahadar da ta makara, ko jami'ar da ta ƙi amsa EPIC, ko harafi ɗaya da ya bambanta a suna, kowanne kan iya ƙara wata shida.

Jihohin da ke ɗaukar nauyin ɗalibai su ma akwai aiki a gabansu. Sau da yawa kasafin tallafin karatu yakan tsaya ne a tikitin dawowa, sai a bar yaro da iyayensa da kuɗin EPIC da dala, da kuɗin jarrabawa, da na mota da masauki a garin da za a zana. Akwai kuma jami'o'in da ke riƙe shahadar ɗalibi saboda ba a cika musu kuɗin makaranta ba, yaro ya dawo gida ya zauna hannu rabbana. Gwamnatin da ta kashe miliyoyi shekara shida a kan ɗalibi ɗaya, ya kamata ta biya bashin makaranta kafin ranar yaye shi, ta sa kuɗin wannan zango na ƙarshe a cikin kasafi, ta kuma shirya masa horon asibiti a gida da zarar ya sauka.